Me zan rubuta a ƙarƙashin hoton marigayiya kakata?

"Assalamu alaikum Malama. Na tsinci wani tsohon hoton kakarmu, mahaifiyar babanmu, a cikin akwatin Umma. Ta rasu tun 2019. Ina so in saka shi a gurup ɗinmu na dangi a WhatsApp, inda akwai baffannina da gwaggonnina da 'ya'yan abokiyar zamanta da mu jikoki. Na rubuta na goge ya fi a ƙirga. In na yi gajere sai in ga kamar ban damu ba, in na tsawaita sai in ji tsoron tayar wa mutane da hankali. Kuma ni da ita wasa muke yi sosai, kishiya take ce mini. Me ya dace in rubuta?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Hajiya, ya gafarta mata, ya kai haske kabarinta.

Abin da ke sa ki rubuta ki goge shi ne, zuciyarki da ita take magana, alhali kuwa ba ita za ta karanta ba. Masu karantawa su ne 'ya'yan da ta haifa, da 'ya'yan da ta riƙa, da waɗanda suka tashi a ɗakin da ke kallon nata. A wurinki kaka ce, abokiyar wasa. A wurin babanki da baffanninki uwa ce, kuma rashin uwa ba ya tsufa a zuciya ko da mutum ya yi furfura. Saboda haka kafin ki rubuta komai, ki ɗauko babba a cikin 'ya'yanta ki sa shi a ranki. Duk kalmar da za ki iya furtawa kina durƙushe a gabansa, ta dace da gurup ɗin. Wadda za ki ji nauyin faɗa a gabansa kuwa, ki ajiye ta ga 'yan'uwanki jikoki. Na daɗe ina taya mutane rubuta sanarwar rasuwa da saƙon ta'aziyya da irin wannan ɗan rubutu na tunawa, kuma wannan ma'aunin shi nake fara ba kowa, domin yawancin sauran tambayoyin yana warware su da kansa.

Layin farko

Babban haɗarin yana layin farko. Mu Hausawa idan muka buɗe waya muka ga hoton dattijo ko dattijuwa, a ƙasa an rubuta "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", abu ɗaya muke fahimta: an yi rasuwa yanzu. Wannan aya ta Suratul Baƙara, aya ta 156, ita ake karantawa lokacin da musiba ta sauka, kuma a rubuce ta zama alamar sabon rashi. Idan kika fara da ita, wanda ke sauri ko wanda bai gane fuskar ba, tunda hoton na ƙuruciya ne, gabansa zai faɗi, ya fara kiran waya yana tambayar wa ya rasu. Ya fi tsanani idan akwai wata tsohuwa marar lafiya a dangi, ko ƙanwar marigayiyar da suke kama tana raye. Na ga inda aka kira gidan wata dattijuwa ana yi wa 'ya'yanta gaisuwa tana zaune a tsakar gida, saboda an saka hoton yayarta da ta rasu da daɗewa, aka fara da salati.

Don haka layin farko ya faɗi abu biyu kai tsaye: wace ce, kuma tsohon hoto ne. "Tuna baya: marigayiya Hajiya Inna" ya wadatar. Ko ki ce "Na tsinci wannan tsohon hoton na Inna, Allah ya jiƙanta." Kalmar marigayiya da kalmar tsohon hoto su ne ke kwantar da hankali tun kafin a kai ga sauran maganar. Ki kuma rubuta bayanin a jikin hoton, a wurin da aka rubuta "Add a caption", kada ki tura hoton shi kaɗai sannan bayani ya biyo baya. A gurup mai jama'a, kafin ki gama rubuta saƙo na biyu wani ya riga ya shigo da tambaya ko salati, kuma idan aka tura hoton wani wuri zai tafi ba tare da bayaninsa ba.

Sunan da za ki kira ta

Kada ki kama sunanta na yanka. 'Ya'yanta ba su taɓa kiran wannan suna ba, surukanta mata kuwa wataƙila ko wata mai irin sunan ba sa iya kira, shi ya sa takwarorinta a gidanku ake ce musu Ummi ko Mama ko Hajiya Ƙarama. Wannan alkunya ba ta ƙarewa da mutuwa, ƙaruwa ma take yi. Ki yi amfani da sunan da gidan gaba ɗaya ya san ta da shi, Inna ne ko Iya ko Gwaggo ko Hajiya Babba. Idan akwai tsofaffi biyu da ake kira da suna ɗaya, ki bambanta da unguwa ko gari, kamar Inna ta Fagge ko Hajiyar Gumel.

Akwai lokacin da cikakken suna ke da amfani, wato idan ana tattara tarihin zuriya don yara masu tasowa su sani. A nan ma hanya mafi kyau ita ce ki bar wani babba ya faɗa, ko ki sa sunan sau ɗaya tare da laƙabin girmamawa a gaba da addu'a a baya. Sai kuma ki kula da "kakata" da "kakarmu". Ta farko tana ware ki ke kaɗai, ta biyu tana shigo da kowa. A gurup ɗin dangi "kakarmu" ta fi, ko da ke ce 'yar lelenta. Musamman ma idan ke ce.

Maganar wasan jika da kaka

Wasan da ke tsakaninku gaskiya ne, kuma al'ada ta san da shi. Jika namiji yana ce wa kakarsa matata, jika mace tana ce wa kakanta mijina, kakarta kuma kishiya. Ba abin kunya ba ne, kuma ba na ce ki binne shi. Abin dubawa shi ne inda za ki ajiye shi da yadda za ki faɗe shi.

Tana raye, idan kin tsokane ta za ta rama, kowa ya yi dariya. Yanzu babu mai ramawa, kuma wanda ke sauraro ɗanta ne. Idan kika rubuta "kishiyata ta gudu ta bar mini miji", a bakinki soyayya ce, amma a idon gwaggonki zai iya zama kamar an yi wasa da mutuwar uwarta. Mafita ita ce ki mayar da wasan labari, ki sa shi a bakinta. "Kishiya take ce mini, kullum na je sai ta ce na zo ƙwace mata miji" ya nuna kusancinku, ya dawo wa kowa da muryarta, kuma ba ke ce kike tsokanar mamaciya ba. Sannan ya zo a tsakiya, bayan an gabatar da ita da girmamawa, kafin addu'a. Kada ya buɗe rubutun, kada kuma ya rufe shi.

Tun da 2019 ta rasu, lokaci ya ba ki wannan damar. Da a ce rasuwar ba ta daɗe ba, ana cikin kwanakin zaman makoki, ko kuma kaka namiji ne ya rasu matansa suna cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, da na ce ki bar wasan kwata-kwata, ki tsaya ga addu'a.

Abu ɗaya na gaskiya

A nan yawancin rubutu ke lalacewa, ba don mugun nufi ba. Mutum yana so ya nuna ƙauna, sai ya jero yabo: mai haƙuri, mai kirki, mai zumunci, uwar marayu, babu kamarta. Duk gaskiya ne wataƙila, amma ana iya cire hoton a sa na kowace tsohuwa a garin, rubutun ya zauna daidai. Irin wannan shi ke jawo amsar "Amin" a jere har ƙasa, babu wanda ya ƙara komai.

Ki nemi abu ɗaya tak da ita kaɗai aka sani da shi. Yadda take ɗaure kuɗi a bakin zane ta kunce wa yaro. Kunun tsamiyar da take damawa da azumi ta aika gida-gida. Kalmar da take yawan faɗa idan an kawo mata ƙara. Tabarmar da take shimfiɗawa a ƙofar ɗaki bayan la'asar. Abu ƙarami irin wannan shi ke sa baffanki ya ajiye abin da yake yi ya rubuto nasa, gwaggonki ta turo saƙon murya tana ba da labarin da ba ki taɓa ji ba. Kuma shaida ce ta alheri. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da wata gawa, sahabbai suka yabe ta da alheri, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata, wato Aljanna ta tabbata ga mamacin, sannan ya ce musu su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Shaida kuwa abin da ido ya gani ake faɗa.

Tunda 'ya'yan abokiyar zamanta suna ciki, ki auna yabonki ta ɓangarensu ma. Kalmomi irin "ita ce ta riƙe gidan", "ita kaɗai Malam ke ji da ita", ko "ta sha wahala a gidan nan amma ta yi haƙuri" suna da kaifi biyu. Idan ta sha wahala, a hannun wa? Wanda uwarsa ce ɗaya matar zai karanta wannan tambayar ko ba ki rubuta ta ba. Ki yabe ta da abin da ba ya rage wa kowa komai. Haka nan ciwon da ta yi na ajali, da wanda ya yi jinya da wanda bai leƙo ba, da maganar gado, duk ba wurinsu ba ne. An hana zagin matattu a hadisin Nana A'isha da ke Bukhari, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, kuma habaici ga rayayyu ta bayan hoton mamaci shi ma ɓata zumunci ne.

Idan kina so ki sa shekarar da aka ɗauki hoton, ki juya bayansa tukuna. Hotunan situdiyo na da sukan zo da hatimin mai hoto, wani lokaci har da kwanan wata da biro. Idan babu, ki tambayi Umma ko wata gwaggo, amma kada ki tambaye su shekara, ki tambaye su abin da ya faru a lokacin. Tsofaffinmu da aukuwa suke lissafi. In an ce shekarar da aka fara kashe Naira, 1973 ke nan. In an ce bayan an kashe Murtala, daga Fabrairun 1976 ne zuwa sama. In an ce tana goyon wane, sai ki duba shekarun wanen. Abin da ba ki tabbatar ba ki sa masa "wajen" a gaba, ko ki mayar da shi tambaya ga manya. Kuskuren shekara a gurup ɗin dangi yakan jawo musu mai tsawo, har a manta da addu'ar da aka taru dominta.

Addu'a

Da ita ake rufewa, kuma ita ce kaɗai ɓangaren rubutun da zai amfani Hajiya. Hadisin Abu Huraira da ke Muslim ya ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da ke yi masa addu'a. Addu'a biyu ko uku sun isa. "Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta." Sai ki haɗa da sauran magabata, wanda a irin gidanku yana da muhimmanci ƙwarai: idan kakanku namiji ya rasu, ko abokiyar zaman tata ta rasu, ki ambace su. "Ita da Malam da Gwaggo da duk waɗanda suka riga mu" layi ɗaya ne, amma zai sa ɗaya ɗakin su ji cewa hoton nasu ne su ma. Daga nan ki rufe da ta rayayyu, yadda muka saba: in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ki bambanta roƙo da yanke hukunci. "Allah ya sa tana Aljanna" roƙo ne. "Tana Aljanna tana kallonmu" hukunci ne a kan gaibu, kuma a gurup mai jama'a ba za a rasa wanda zai yi miki gyara a bainar dangi ba. Yana da hujja kuwa. A Bukhari, lokacin da Usman ɗan Maz'un ya rasu, Ummul Ala ta ce ta shaida Allah ya girmama shi, sai Annabi (SAW) ya tambaye ta me ya sanar da ita hakan, sannan ya ce shi yana yi masa fatan alheri. Fata da roƙo su ne namu. Haka kuma kalaman da ke kama da ƙorafi ga ƙaddara, irin "mutuwa kin zalunce mu" ko "me ya sa sai ke", ki bar su. Kewa halal ce, kuma "muna kewarki" ko "har yau gidan bai koma daidai ba" sun faɗi abin da ke ranki.

Idan za ki sa Larabci, ki kula da jinsi. Ga mace "Allahummagfir laha warhamha" ake cewa, ga namiji "lahu warhamhu". Masu kwafo addu'a daga wani wuri suna yawan saka ta namiji a hoton mace. Idan kina shakka, Hausa ta ishe ki. "RIP" kuwa ki bar shi, domin manya da yawa suna ganinsa baƙon abu, kuma muna da abin da ya fi shi cika. 'Yan fuskokin nan na waya ma ki rage su, ko ki bar su gaba ɗaya. Akwai mai hawayen dariya da mutane ke ɗauka ta kuka ce, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne ta faɗo ƙarƙashin hoton mamaci.

Yadda muka gyara wani

Wata ɗalibata ta kawo mini irin wannan. Hoton kakarta ne baƙi da fari, tana zaune a gaban keken ɗinki. Abin da ta fara rubutawa ya buɗe da salati, ya kama sunan yanka, ya jero yabo layi tara, ya ce babu wadda ta kai ta haƙuri a matan gidan, ya ƙare da fuskokin kuka a jere. Ga shi abokiyar zaman marigayiyar tana raye, jikokinta ne ke karanta mata saƙonnin gurup.

Na tambaye ta me take tunawa idan ta kalli keken. Ta ce duk sallah kakar ce ke ɗinka wa yaran gidan kaya, na ɗakinta da na ɗaya ɗakin, yadi iri ɗaya, kuma ba ta kwanciya daren sallah sai ta gama na ƙaramin cikinsu. Na ce to wannan shi ne rubutun. Muka tambayi mahaifiyarta lokacin hoton, ta ce ana goyon baffansu na uku ne, lissafi ya ba mu wajen 1977. Ga abin da ya fita:

"Tuna baya: marigayiya kakarmu Hajiya Inna, wajen 1977, a gaban kekenta. Da shi take ɗinka wa duk yaran gida kayan sallah, yadi iri ɗaya, ba ta barci sai ta gama na auta. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ita da Malam da duk magabatanmu. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya da nisan kwana. Baffa, ko kun tuna inda aka ɗauki hoton nan?"

Ki lura da abin da ya rage da abin da ya tafi. Yabon haƙuri da adalci bai tafi ba, yana cikin "yadi iri ɗaya", kuma babu wanda zai ji an taɓa uwarsa. Addu'ar lafiya ga wadda ke raye ta shigo da ɗaya ɗakin. Tambayar ƙarshe ta miƙa maganar ga manya, waɗanda su ne suka fi kowa haƙƙi a kanta. Tsawonsa kuma bai kai inda WhatsApp zai yanke shi ya sa "Read more" ba, don haka addu'ar tana bayyane ga wanda ya kalla sau ɗaya ya wuce. Layi huɗu zuwa shida shi ne gwargwadon da nake ba da shawara. Idan labarin da ke ranki ya fi haka, ki bari a fara amsawa, sannan ki kawo shi a saƙo na dabam ko na murya, wanda tsofaffin da ba sa karatun boko ma za su ji.

Naki zai iya bin wannan tsari, wasanku ya shiga tsakiya: "Na tsinci wannan tsohon hoton na marigayiya kakarmu a akwatin Umma. Kishiya take ce mini, amma duk ranar da na je sai ta kunce bakin zane ta ba ni na mota." Ki musanya wannan da abin da ya faru da gaske tsakaninku, sannan addu'a ta biyo.

Kafin ki tura

Ki nuna wa babanki hoton da rubutun tukuna, ko babbar gwaggonki. Dalili biyu ne. Na farko, hoton kansa: idan kanta a buɗe yake, ko tana kwance a gadon asibiti, ko tana cikin wani hali da ba za ta so surukai maza su gan ta ba da tana raye, to kyawun rubutu ba zai gyara shi ba. Abin da ya shiga gurup kuma ya fita daga hannunki, kowa na iya ajiyewa ko ya sa a "Status". Idan ba ki son haka, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa: don Allah a bar shi a cikin gida. Na biyu, gidaje sun bambanta a kan hoton mamaci. Akwai waɗanda ke ganin babu laifi, akwai masu ƙinsa saboda fahimtarsu ta addini, akwai kuma wanda kawai zuciyarsa ba ta ɗauka. Hukuncin wannan fagen malaman fiƙihu ne, kuma wanda gidanku ke bi shi za ki duba. Haka ma idan ranar ta zo daidai da ranar rasuwarta: wasu ba sa son a mayar da ita abin tunawa duk shekara, don haka "na tsinci hoton nan" ya fi "yau shekara kaza cif" kauce wa jayayya.

Idan babanki ya yi shiru ya daɗe yana kallon hoton, kada ki matsa masa da tambaya, ki ba shi lokaci. Idan ya ce a bari, ki bari, ki tura wa 'yan'uwanki jikoki su kaɗai. Idan ya amince, ki zaɓi lokacin da mutane ke zaune, kamar bayan la'asar ko yammacin Juma'a. Kada ki tura da tsakar dare ko da asuba, domin lokutan da ake samun labarin rasuwa ke nan, kuma kada ki saka shi ana tsakiyar hidimar biki ko suna a gurup ɗin, ki bari a gama kwana biyu tukuna.